Yadda Ake Tsara Kuɗin Cefane Da Kwano Kafin Naira

Shekara uku na farkon aurena, ranar 20 ga wata ranar ɓacin rai ce a gidanmu. Maigidan ma'aikaci ne mai albashi, ni kuma ina gida. Ranar da albashi ya shigo sai ya ƙirgo kuɗi ya miƙo mini ya ce, "Ga na wata nan." In karɓa in yi godiya. Kafin a ci kwana ashirin sai in ga gindin robar shinkafa, man gyaɗa ya koma sai an kifa galan an jira ya ɗiga. In na yi magana ya ce, "Haba Maman yara, duka kuɗin nan?" Ni kuma abin ya tsaya mini a wuya, don na san ko ɗankwali ban saya ba. Shi yana ganin ina ɓarna, ni ina ganin yana ƙwauro, alhali dukanmu ba mu san kwano nawa na shinkafa gidan yake ci a wata ba.

Abin da ya raba mu da wannan rigima shi ne mun daina fara lissafi da naira. Naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Duk wanda yake cefane ya ga yadda kaya suka yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin da ya ishi gida a watan Afrilu ya kasa kai shi ƙarshen wata a Agusta. Amma cikin mutum shida bai canja ba. Idan gida yana cin kwano takwas na masara bana, baɗi ma kusan hakan zai ci, sai in an ƙaru. Don haka tsarin da zan kawo a nan ana rubuta shi da kwano da lita da kilo tukuna, sannan a juya shi zuwa kuɗi da farashin ranar.

Zan bi gida guda daga farko har ƙarshe: miji da mata a Kano, yara uku, biyu suna firamare ɗaya bai shiga ba, sai ƙanwar maigidan da ke zaune wurinsu. Baki shida ke nan. Farashin da na sa na misali ne don lissafin ya fito fili. Ku goge shi ku sa na kasuwarku a yau.

Mataki na ɗaya: wata guda na awo, ba tare da an canja komai ba

A sayi littafi ɗan ƙarami irin na 'yan makaranta, a rataye shi da biro a kicin. Tsawon wata guda uwargida ta rubuta abu biyu. Na farko, duk abin da ta ɗiba daga sito: shinkafa gwangwani nawa aka dafa da rana, garin tuwo nawa da dare, ranar da aka buɗe galan ɗin mai da ranar da ya ƙare, ranar da aka cika tukunyar gas da ranar da ta mutu. Na biyu, duk kuɗin da ya fita daga hannunta, har naira ɗari ta markaɗe da hamsin ɗin da aka ba yaro ya sayo ashana.

Sharaɗin shi ne kada a yi wa littafin kwalliya. Idan uwargida ta ƙuntata girki a wannan watan don ta nuna ita mai tattali ce, ta yi wa kanta tarko, domin da wannan adadin za a riƙa auna ta har shekara. Idan ta ƙara don ta samu rara, lissafin zai fi ƙarfin albashi, maigida ya ce tsarin ba ya aiki. A dafa yadda aka saba. Kada kuma a zaɓi watan azumi ko watan da ake biki a dangi, don cinsu daban ne.

A yi amfani da ma'auni ɗaya tak. Kwanon awo ya bambanta daga gari zuwa gari, har daga mai awo zuwa mai awo, wani ya bubbuge gindinsa, wani yana tozo wani yana shafewa. A Kano kwanon hatsi yana kai wajen kilo biyu da rabi, shi ya sa ake lissafa kwano arba'in a babban buhu. Amma ke ki ajiye naki kwanon a gida, ki san gwangwanin madara nawa yake cikawa, duk abin da aka sayo ki sake aunawa da shi. Ni a haka na gane wani mai awo da muka yi shekara muna saye wurinsa, kowane kwano biyar nasa huɗu da rabi ne a nawa.

Maigida ma yana da nasa shafin. Man babur ko kuɗin mota, abincin rana a wurin aiki, kati da data, abin da yake ba wa masu roƙon alfarma a ƙofar masallaci. Maza da yawa suna son a binciki kicin amma a bar aljihunsu. Tsarin da aka auna ɓangare ɗaya kawai ba ya daɗewa, domin wadda aka auna za ta ji kamar tuhumarta ake yi.

Mataki na biyu: a faɗi ainihin abin da ke shigowa, a cire na shekara tun farko

Nan ne wurin da ya fi wuya, ba don lissafin ba. Akwai mazan da suka taso da hudubar cewa mace ba ta sanin albashin miji. Ra'ayina, wadda aka ɗora wa riƙon gida ba za ta iya yanke shawara mai kyau a kan tukunyar da ba ta san zurfinta ba. In maigida ba zai faɗi duka ba, aƙalla ya faɗi adadin da ya ware wa gida, ya kuma tsaya a kansa. Allah Ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Ma'aunin ke nan: gwargwadon hali, ba gwargwadon gidan maƙwabta ba.

Adadin da za a rubuta shi ne wanda ke shiga asusu bayan an cire haraji da fansho da bashin da ake zara daga tushe. Kuɗin da ke zuwa jefi-jefi, irin alawus na tafiya ko ribar wata 'yar harka, kada a sa shi. In ya zo, alhamdu lillahi, ya tafi asusun lalura. Wanda ba ɗan albashi ba, kamar tela ko ɗan kasuwa, ya duba wata shida da suka wuce ya ɗauki watan da ya fi rauni ya gina tsarin a kansa.

A gidan misalinmu abin da ke shigowa naira 275,000 ne. Kafin a taɓa maganar abinci sai a cire abubuwan da ba sa zuwa kowane wata amma in sun zo suna zuwa da ƙarfi. Hayar gida 360,000 a shekara, in an raba gida goma sha biyu, 30,000 ke nan a wata. Kuɗin makarantar yara biyu, 30,000 kowanne a zango, zango uku, ya zama 180,000, a ƙara 36,000 na littattafai da yunifom, jimla 216,000, wato 18,000 a wata. Ƙarin kashe kuɗin azumi da ɗinkin sallah an ƙiyasta 144,000, wato 12,000 a wata. Duka 60,000. Wannan kuɗin ya bar asusun albashi a ranar da albashi ya shigo, ya koma wani asusu da ba a yawo da katinsa, ko a zuba shi a adashen da aka tabbatar kwasarsa za ta faɗo kafin ranar biyan haya. Adashi yana da amfani domin ba a iya taɓa shi, amma a san uwar adashen sosai, kuma a nemi kwasa wata guda kafin buƙata, ba a watan buƙatar ba.

Saura 215,000. Maigida ya ɗauki 35,000 na zirga-zirgarsa. Hajiya, mahaifiyarsa, tana da 15,000 duk wata, kuma gara a rubuta shi a fili da a riƙa zarar sa a ɓoye daga kuɗin cefane. Wuta da ruwa da kuɗin Islamiyya 13,000. Abin da ya rage wa cikin gida 152,000.

Mataki na uku: kayan sito

Yanzu a buɗe littafin kicin a tattara abin da aka ci a wata. Kayan sito su ne waɗanda ba sa lalacewa, ana sayensu sau ɗaya a wata. Ga abin da littafin wannan gida ya nuna, da farashin misali a gefe:

- Shinkafa kwano 8, a 3,000: 24,000
- Masara kwano 8, a 1,200: 9,600
- Wake kwano 3, a 2,500: 7,500
- Gero kwano 3, a 1,300: 3,900
- Taliya leda 10, a 900: 9,000
- Man gyaɗa lita 3, a 3,000: 9,000
- Manja lita 1: 2,500
- Sukari, gishiri, magi, ganyen shayi: 7,500
- Sabulun wanka da na wanki da omo: 6,000
- Gas kilo 10, a 1,100: 11,000

Jimla 90,000. Layin hagu, wato kwano da lita, shi ne tsarin. Layin dama kuwa da fensir ake rubuta shi, domin duk wata sai an goge. Amfanin wannan ya fi fitowa ranar da farashi ya motsa. Idan kwanon shinkafa ya ƙaru da 500, ba sai an yi doguwar muhawara ba: kwano takwas sau 500, dubu huɗu ce ta ƙaru a kan gidan. Ko maigida ya ƙaro ta, ko a zauna a rage kwano. Babu wanda zai ce wa wani "da can ai yana isa".

Waye zai sayo? Duk wanda ya fi iya ciniki kuma ya fi kusa da kasuwa. A gidaje da yawa maigida ne ke biyawa kasuwar Singa ya ɗauko taliya da sukari da sabulu, hatsi kuma a samo a Dawanau ko a kasuwar ƙauye in akwai mai zuwa. Abin kiyayewa kawai, ya tafi da takardar da uwargida ta rubuta. Namiji in ya shiga kasuwa ba takarda, sai ya dawo da katan ɗin lemo da kwalin madara ya manta gishiri. A kuma lissafa kuɗin mota: in za a kashe dubu uku a Adaidaita don a samu ragin dubu biyu, kantin unguwa ya fi.

Game da sayen buhu da kaka: masara da gero da wake sukan yi sauƙi daga Oktoba zuwa Disamba, su yi tsada da damina kafin sabo ya fito. Gidan da ke cin kwano goma na masara a wata, buhu ɗaya zai kai shi wata huɗu. Sai dai a saya don ci, gwargwadon abin da za a iya adanawa, kuma ba da bashi ba, domin ba kowace shekara farashin ke hawa ba. A 2025 hatsi ya yi ta sauka, waɗanda suka tara da tsada suka ji a jikinsu. Wake kuma ba ya jure sakaci. In bai bushe sosai ba ko an bar shi a buhu sake, ƙwari za su mai da shi gari kafin wata uku. A zuba shi a jarka mai murfin da iska ba ta shiga, a cika ta har baki, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS. Kada a zuba wa abincin da yara za su ci maganin ƙwari.

Mataki na huɗu: cefanen yau da kullum, a biya shi mako-mako

Wannan shi ne kuɗin da ke hannun uwargida, kuma a nan yawancin rigima take. Littafin ya nuna a mako ana kashe 4,200 a kayan miya, tumatir da attaruhu da tattasai da albasa. Nama ko kifi sau biyu, 3,000. Niƙa da markaɗe 1,000. Burodi ko ƙosai da 'yar madara na karin kumallo 2,300. Kuɗin tara na yara biyu, 150 kowanne kwana biyar, 1,500. Jimla 12,000 a mako.

Na gwada hanya uku. Bayarwa kullum da safe tana mai da mace mai roƙo a gidanta: kullum sai ta tsaya bakin ƙofa tana jiran a laluba aljihu, ranar da ya fita da sauri ko ya tashi da fushi kuwa a wuni ba miya. Ba ta kuma iya sayen rabin kwandon tumatir ranar da ya yi araha. Bayarwa wata-wata kuma tana sa kuɗi ya yi yawa a ido a makon farko, ga masu zuwa rance sun san ranar albashi. Mako-mako ya fi zama daidai. A tsayar da rana guda, mu Juma'a muka zaɓa, kuɗin ya shiga asusunta ko hannunta ba sai ta tambaya ba. Wannan "ba sai ta tambaya ba" shi ne rabin tsarin. In ana turawa ta waya, a tuna mai POS yana cirar nasa a kowane cira, kuma mai kayan miya da mai markaɗe tsabar kuɗi suka fi so, don haka a cire na mako a lokaci ɗaya.

Ga wani kuskure da ya daɗe yana cin mu ba mu gane ba. Mutum zai ce wata mako huɗu ne, 12,000 sau huɗu, 48,000. To mako huɗu kwana 28 ne, wata kuwa 30 ko 31. Kwana biyu ko ukun nan da ba a lissafa ba su ne suke faɗowa daidai lokacin da aljihu ya bushe. Shekara mako 52 ce, ba 48 ba. Lissafin daidai shi ne 12,000 sau 52, a raba 12, ya ba da 52,000 a wata. A kowane wata Juma'a huɗu za su ci 48,000, dubu huɗun da ta rage a ajiye ta. Bayan wata uku ta zama 12,000, daidai kuɗin Juma'a ta biyar da ke zuwa kusan sau ɗaya a kowane wata uku. In albashi yana yawan makara, a yi ƙoƙari a tara kuɗin mako guda a gefe tun farko, don Juma'ar uwargida kada ta dogara da ranar da ma'aikata suka ga alat.

Kayan miya suna da lokacinsu, kuma tsarin ya san da haka. Da sanyi, lokacin da tumatirin noman rani ya cika kasuwar Yankaba, 4,200 za ta yi rara. Daga ƙarshen bazara zuwa damina kuwa ba za ta kai ko'ina ba. Maimakon a riƙa canja kuɗin mako, a bar shi yadda yake, uwargida ta yi amfani da rarar lokacin araha ta yanka tumatir ta shanya kauɗa, ta busar da tattasai da kuɓewa, ta tanadi kuka da daddawa. Lokacin tsada sai miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa su karɓi kwana uku ko huɗu a mako.

Mataki na biyar: kuɗin uwargida na kanta

A nan zan ɗan daɗe, domin shi ne layin da ake fara gogewa, kuma shi ne wanda in babu shi sauran duk suke rushewa. Kuɗin cefane ba kuɗin mace ba ne, kuɗin tukunya ne da aka ba ta amana. Ita kuma mutum ce mai buƙata: man shafawa, audugar mata, kitso da lalle, kati, kuɗin mota zuwa gidansu, ɗan abin da za ta riƙa wa mahaifiyarta, gudummawar biki da barka. In ba a ware mata ba, ba wai buƙatun za su ɓace ba ne. Daga cikin miya za su fito. Nama ya koma sau ɗaya, maigida ya ga miya ta tsinke ya fara zargi, ita kuma ta fara ɓoye lissafi. Ba halinta ne ya lalace ba, tsarin ne ya bar rami.

A shari'a ci da sha da sutura da muhallin mace suna kan mijinta ko da tana da dukiyarta. Hadisin Hindu 'yar Utba sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim: ta kai ƙarar Abu Sufyan cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, Annabi (SAW) ya ce ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon abin da aka sani na al'ada. Gidan da ya tsara kansa ba ya bari a kai ga mace tana ɗauka ba da sani ba. A ba ta a fili, da sunanta.

A misalinmu an sa 15,000 a wata. Ƙa'idarsa ɗaya: ba a tambayar yadda aka yi da shi. Ba ya shiga littafi. In ta ga dama ta zuba adashi, in ta ga dama ta ja jarin ƙulle-ƙullen kayan miya ko ƙanƙara, ribar tata ce. Kuma ranar da gas ya ƙare ba zato ta ciro daga nata ta cika, bashi ne a kan gida, a rubuta a mayar mata ranar Juma'a. Na san matan da suka daina taimakawa gaba ɗaya saboda sau uku suna fitarwa ana cewa "Allah Ya yi albarka" kawai.

A kuma yanke magana tun farko a kan rarar cefane: in mako ya ƙare da saura dubu ɗaya, ta wa ce? Ko dai a ce tata ce halak malak, ladan tattalinta, ko a ce ta koma tanadin kayan miya. Kowanne aka zaɓa ya yi, muddin an faɗe shi da baki. Mu mun raba: rarar kayan miya ta tafi kauɗa, sauran nawa. Abin da ba ya aiki shi ne maigida ya ga rara ya rage kuɗin mako mai zuwa. Ranar da ka yi haka, ba za ka sake ganin rara ba har abada.

Layi na ƙarshe shi ne lalura, 10,000 a wata: zazzaɓin yaro da dare, famfo ya fashe, baƙi daga ƙauye sun sauka kwana huɗu. Wani ɓangarensa ya zauna tsaba a gida inda su biyun suka sani, don kada yaro ya kwana da zazzaɓi ana jiran maigida ya ɗaga waya.

Idan lissafin bai haɗu ba

Mu tara. Cikin gida yana da 152,000. Sito 90,000, cefane 52,000, uwargida 15,000, lalura 10,000, jimla 167,000. Giɓin 15,000 ya fito. Kusan kowane gida haka lissafinsa na farko yake fitowa, kuma wannan giɓin shi ne ainihin abin da ke jawo faɗan ranar ashirin ga wata. Da can ma yana nan, ba a gan shi a takarda ba ne kawai.

Hannu zai fara kaiwa kan kuɗin uwargida, tunda daidai yake da giɓin. Kada a yi. A fara da sito, inda musanya take da sauƙi. Shinkafa ta sauka daga kwano takwas zuwa shida, masara ta hau daga takwas zuwa goma: an rage 6,000 an ƙara 2,400, an samu 3,600, kuma nauyin abincin bai ragu ba, tuwo da dambu ne suka ƙaru. Taliya daga leda goma zuwa shida, wata 3,600. Sai a juya shafin maigida: in ya tafi da abinci a kula kwana uku a mako maimakon saye, 35,000 ta koma 30,000. Sai ɗinkin sallah da ƙarin azumi, daga 144,000 zuwa 108,000, wato yara su samu kala ɗaya mai kyau a kowace sallah, an samu 3,000 a wata. A tara: 3,600 da 3,600 da 5,000 da 3,000, ya zama 15,200. Giɓi ya rufe har da canjin ɗari biyu, kuma kowa ya ɗanɗana ragin, ba mutum ɗaya ba.

In an yi duk wannan giɓin bai rufe ba, to matsalar ta wuce kicin. Ko hayar ta fi ƙarfin albashin, ko makarantar, ko ana buƙatar ƙarin hanyar shiga. Matse kuɗin miya ba zai biya hayar da ta yi yawa ba.

Zaman wata, da alamun cewa wani abu ya goce

Sau ɗaya a wata, kwana ɗaya ko biyu kafin albashi, a zauna minti ashirin bayan yara sun kwanta. Ba a gaban yara ba, ba a gaban ƙanwar miji ba, ba kuma lokacin da ake cikin fushi ba. A leƙa sito a ga abin da ya saura, a goge farashin fensir a sa sabo, a mayar wa uwargida abin da ta ranta wa gida.

Littafin da kansa yana nuna inda ciwon yake, in an san abin dubawa. Idan kwanon da aka saya ya ƙare kafin lokaci alhali farashi bai shiga maganar ba, to baki ne ya ƙaru ko awo ne ya ragu: baƙi, almajirin gida, kwanon da ake miƙa wa maƙwabta, yaran da suka girma, ko mai awo. Duk waɗannan ba laifi ba ne, sai na ƙarshen, amma a sa su a lissafi. In ana fitar da kwanon sadaka kullum, a ƙara kwano ɗaya a tsarin da sunansa. Idan kuɗin mako yana ƙarewa ranar Talata sau uku a jere, adadin ne ya yi kaɗan, a sake awo na mako biyu. Idan ana taɓa asusun lalura kowane wata don abu iri ɗaya, kamar maganin hawan jinin Hajiya, wannan ya tashi daga lalura, ya samu layinsa. Alamar da ta fi kowacce haɗari ita ce bashin mai kanti: ranar da aka fara aika yaro da "a rubuta", albashin wata mai zuwa ya riga ya ragu tun bai zo ba. A biya shi daga lalura nan take, a nemo layin da ya jawo shi.

Watan azumi kuma a yi masa takardarsa daban tun Sha'aban, da kuɗin da aka riƙa warewa. Shinkafa da taliya suna raguwa, gero da sukari da mai da ƙwai da ƙanƙara suna hawa, wake yana ninkawa saboda ƙosai. Tunda azumi yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, a duba kalanda tun da wuri ko zai haɗu da biyan kuɗin makaranta ko haya a wata ɗaya. Shekarar da suka haɗe mana, tun wata huɗu kafin nan muka ƙara dubu biyar-biyar a asusun shekara, muka sayi geron kunu da sukari a Rajab.